Na zuba taki har sau biyu, ganyen tumatirina sai ƙara fari yake yi

Maman Iklima: Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Don Allah a taimaka mini da shawara. Ina noman tumatir da attaruhu a buhuna a bayan gida, nan Kano. Da farko sun taso gwanin sha'awa, amma tun da suka fara fure sai ganye ya soma yin ɗorawa. Na zuba kamfa 15-15-15, babu canji. Mai shagon taki ya ce yuriya ce ba su samu ba, na sayo na zuba, nan ma shiru, sai ma gefen wasu ganyen ya ƙone. Ban taɓa fashin ban ruwa ba. Ko takin ne jabu?

Ɗan Fadama: Wa'alaikumus salam. Hajiya, jabu ne kawai. Yanzu har yashi ake haɗawa da kamfa a sake ɗinke buhu. Ki canza shago.

Abba Mai Kaji: Ni dai a ganina takin ne bai isa ba. Tumatir mayen taki ne, in ya fara fure sai an ninka masa. Ki ƙara yuriya, ki haɗa da kashin kaji, cikin mako guda za ki ga ya yi shar.

Malam Sabi'u: Wa'alaikumus salam. Abba, a dakata da ƙarin yuriyar tukuna. Hajiya, kafin a yanke wa taki hukunci ina da tambaya. Wane ganye ne ya fara canzawa, tsofaffin da ke ƙasa ko sababbin da ke kan tsiro? Kuma in kin ɗaga ganyen kin duba, duk jikinsa ne ya yi ɗorawa, ko jijiyoyinsa suna nan kore shar tsakaninsu ne ya koɗe?

Maman Iklima: Malam, yanzu na fita na dubo. Na ƙasa lafiyarsu ƙalau, kore ne sosai. Na saman ne, sababbin. Jijiyoyin kore ne siri-siri, tsakaninsu kuma ɗorawa. A buhu uku ma sabon tohon ya kusa zama fari fat.

Malam Sabi'u: To, wannan amsar ta wanke mai taki, aƙalla a wannan shari'ar. Abin da yuriya take bayarwa naitirojin ne, shi kuma naitirojin yana yawo a jikin shuka. In ya yi ƙaranci, shuka tana kwaso shi daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi, shi ya sa yunwarsa take farawa daga ƙasa, ganyen ya yi ɗorawa gaba ɗaya har da jijiya. Naki na ƙasa kore ne shar, wato naitirojin ya ishe su har ya yi yawa. Abin da kika kwatanta alamar rashin sinadarin ƙarfe ce. Shi in ya shiga tsohon ganye ya zauna ke nan, shuka ba ta iya ɗauko shi ta kai sama, don haka sabon toho ne yake fara kuka. Kamfa 15-15-15 da yuriya kuwa ba don ƙarfe aka yi su ba, ko buhu guda kika juye.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da wuya a sami ƙasa a yankinmu da babu ƙarfe a cikinta, jan da kike gani a ƙasar marmara ma shi ne. Yawanci yana nan, saiwa ce ta kasa shansa. Kamar hatsi ne cike da rumbu amma an garƙame ƙofa, kawo ƙarin hatsi ba zai ƙosar da kowa ba. Ki gaya mini da me da me kika haɗa ƙasar buhunan, kuma wane ruwa kike ba su.

Maman Iklima: Yashi da ƙasar da aka kwaso daga filin da ke gefenmu inda ake gini, sai takin tumaki, sai toka. Kowane buhu na sa masa toka kamar kwano ɗaya, saboda an ce tana korar tsutsa kuma taki ce. Bayan haka ma duk lokacin da aka kwashe murhu nakan barbaɗa musu. Ruwan kuma na burtsatse ne, in ya yanke nakan ba su ruwan ɗaurayar wanki.

Baba Na Lambu: To ai toka ba ta taɓa kashe shuka ba, yarinya. Mu da toka muka tashi. Iyayenmu jaki suke ɗora wa mangala su kwaso tokar bola daga cikin birni su kai gona, gero ya yi zangarniya kamar me. Malam Sabi'u, kada bokonku ya sa ku ɗora wa toka laifi.

Malam Sabi'u: Baba, Allah ya ƙara girma, ba a musa maka wannan. Toka tana da fotash da kalsiyam, kuma a gonar jigawa da ta yi tsami magani ce sosai. Bambancin a yawa ne. Mangalar toka in aka watsa ta a faɗin gona, abin da ya sami kowane taku bai wuce ɗan barbaɗe ba, sannan damina ta zo ta wanke. Ita Hajiya kwano guda ta sa a buhu ɗaya, tana ƙarawa a kai a kai, ba ruwan sama da zai wanke, ga ƙasar wajen gini wadda da wuya a ce babu ɓurɓushin siminti a ciki, ga ruwan sabulu. Dukkansu gefe ɗaya suke tura ƙasa.

Bari in faɗi gefen da nake nufi. Ma'aunin da ake kira pH yana tafiya daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. In lamba ta yi ƙasa da 7 ƙasar ta karkata ga tsami, in ta haura ta karkata ga kanwa. Tumatir da attaruhu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 6.8. Kada a raina tazarar lamba ɗaya, don kowace lamba ninki goma ce. Da zarar ƙasa ta wuce 7.5, ƙarfe yakan koma wani yanayi da ba ya narkewa a ruwa, ita kuwa saiwa abin da ya narke kaɗai take sha. Zinki da manganis su ma haka, fosfaras kuma sai ya ƙulle da kalsiyam. Tokar itace in aka jiƙa ta takan kai 10 ko fiye.

Baba Na Lambu: Ni dai ban ga lamba a gonata ba tun da nake. Amma kwano guda a buhu ya yi yawa, wannan na yarda. Ko miyar kuka aka cika wa kanwa ai sai a zubar.

Ɗan Fadama: Duk da haka ni ban janye maganar jabu ba. Ana yi.

Malam Sabi'u: Ana yi, ba wanda ya ce ba a yi. Yuriya mai kyau in ka zuba cokali a kofin ruwa ka motsa za ta narke tas, kofin ya yi sanyi a hannunka. In ta bar yashi a ƙasa, ka kama ɓarawo. Amma ƙonewar gefen ganyen da Hajiya ta faɗa tana nuna takin nata yana aiki, gishirinsa ne ya taru a buhu. Kuma akwai wata asarar: yuriya in ta sauka a kan toka, wani kaso nata yakan tashi iska a matsayin amoniya. Wanda ya taɓa jin wari mai hawa hanci bayan ya zuba yuriya a ƙasa mai toka, kuɗinsa ne yake shaƙa.

Maman Iklima: Wallahi na ji warin nan, na zaci ƙarfin takin ne. To Malam, yaya zan tabbatar? Ba ni da na'ura.

Malam Sabi'u: Ki fara da wanda yake cikin kicin. Ki zaɓi buhun da ya fi fari, ki share saman, ki tona kamar tsawon yatsa biyu a gefe inda saiwa take, ki ɗebo cokali biyu na ƙasa a faranti. Ki zuba mata farin binega, irin na haɗa salak. In ta yi kumfa tana tsuwwa, akwai ragowar toka ko siminti ko farar ƙasa da ba su gama narkewa ba, kuma ƙasar ta haura 7. Ki kara kunne, wani lokaci ana jin ƙarar ba a ga kumfar ba. Ki yi haka da buhun da ya fi lafiya don ki kwatanta.

Iyakar wannan gwajin ke nan fa. In bai yi kumfa ba, bai ce ƙasar lafiya take ba, ya ce dai babu waɗancan ragowar da yawa. Don samun lamba sai takardar gwajin pH, wadda ake samu wajen masu sayar da kayan gwaje-gwaje na makarantu da asibitoci, wasu masu kayan kiwon kifi ma suna ajiyewa. Ki ɗebo ƙasa daga wuri uku ko huɗu a buhu, ki gauraya, ki tsince tsakuwa da saiwa. Ki sa awo ɗaya na ƙasa da awo biyu na ruwa a kofi mai tsabta, ki motsa sosai, ki bari minti 30 ta kwanta. Sai ki tsoma takardar a ruwan da ya taso sama, ki kwatanta launin da hoton da ke jikin kwalin a hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba. Ruwan da za ki yi gwajin da shi kada ya zama na burtsatsenki, in ba haka ba ruwan za ki auna, ba ƙasar ba. Ki nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. Shi kuma na burtsatsen ki auna shi daban.

Abba Mai Kaji: Malam, ruwan batir kuma? Ai zai ƙone mata hannu, kuma asid ne, dole ya nuna tsami.

Malam Sabi'u: Gara da ka tambaya. Ba asid ɗin cikin batir ba, wannan kada kowa ya kusance shi, balle ya zuba a shuka. Farin ruwan gora nake nufi, wanda aka rubuta `distilled water` a jikinsa. Ki karanta rubutun kafin ki biya. In bai samu ba, ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta a fili, ba na indararo ba, zai iya tsayawa.

Hajiya Turai: Ni na taɓa ganin ana gwadawa da zoɓo. Mu da muke dafa shi kullum mun san in kanwa ta taɓa shi yakan bar ja ya koma duhu-duhu, har ya yi kore. Ba sai ta jiƙa zoɓo ta zuba a ƙasar ba? Ya fi sauƙi da neman wata takarda.

Malam Sabi'u: Hajiya, kin kama gaskiya ta wuya. Launin zoɓo yana bin tsami da kanwa, ba shakka. Matsalar ita ce zoɓon kansa mai tsami ne ƙwarai, in kika yi shi da kauri tsaminsa zai danne na ƙasar, ya tsaya ja ko da ƙasar ta haura 7. Sai an tsinka shi ya zama ruwa-ruwa, a ɗiga kaɗan a tataccen ruwan ƙasar. Zai nuna miki ƙasar da ta yi mummunan nisa, amma ba zai raba miki 6.5 da 7.5 ba, alhali a nan rigimar take. Jan kabeji ya fi shi nuna launuka daki-daki, in ana samunsa kusa.

Hajiya Turai: Zan gwada dai da kaina, da tokar murhu da ƙasar lambuna, in ga ko zai raba.

Isuhu Maraɗi: Sallama gare ku. Ni tawa matsala masara ce, ba tumatir ba, amma ganye ne dai. Gonata jigawa ce, shekara da shekaru yuriya nake zuba mata, ba na samun takin gida. Yanzu masara na tsayawa gajera, ganye na yin ja-ja kamar shuni tun tana ƙarama, in na tumɓuke sai in ga saiwa guntaye masu kauri. Ke nan ni ma in sayi maganin ƙarfen?

Malam Sabi'u: A'a Malam Isuhu, kai kana iya kasancewa a ɗaya bakin ne. Yuriya da takin salfa na amoniya suna ƙara wa ƙasa tsami a hankali, kuma jigawa da ba ta da ruɓaɓɓen taki ba ta da ƙarfin turjewa. An ga haka a daɗaɗɗen gwajin taki na Samaru da aka fara tun 1950, inda filayen da aka daɗe ana ba takin salfa na amoniya ba tare da takin shanu ba suka yi tsami. In ƙasa ta sauka ƙasa da 5.5, alminiyam da ke cikinta yakan narke ya ƙone bakin saiwa, shi ya sa take yin gajera da kauri. Fosfaras kuma ya ƙulle da ƙarfe da alminiyam, rashinsa ne yake kawo launin shunin nan a ƙaramar masara. Sai dai kada mu yi saurin ɗora wa tsami. Kai da bakinka ka ce yuriya kaɗai kake zubawa, ita kuwa ba ta da fosfaras ko kaɗan, jigawar yankinku kuma dama tana da ƙarancinsa. Yana yiwuwa ba kulle shi aka yi ba, babu shi ne. Sanyi ma yana sa masarar rani ta yi shuni. Ka auna tukuna. Kai ka ɗebo ƙasa daga wurare kamar goma a gonar, zurfin santimita 20, ka gauraya a bokiti, sannan ka ɗebi ta gwaji. Gona guda ta cancanci a kai ƙasarta ɗakin gwaji ma, ku a Nijar kuna da cibiyar binciken noma ta INRAN, mu nan akwai cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru da jami'o'in da suke da sashen nazarin ƙasa.

Baba Na Lambu: To ga inda toka za ta yi aiki ke nan.

Malam Sabi'u: Ƙwarai kuwa, Baba. In ya auna ya ga ƙasa da 5.5, toka da takin dabbobi da takin sufa mai fosfaras su ne abokansa. Toka kamar tafi ɗaya ko biyu a murabba'in mita, a cakuɗa da ƙasa makonni kafin shuka, kuma kada ta haɗu da yuriya rana ɗaya.

Maman Iklima: Salamu alaikum, na dawo da sakamako. Ƙasar buhun da ya yi fari da na zuba binega sai ta hau kumfa, har yara suka taru suna kallo. Ta buhun da ya fi lafiya ƙarar kawai na ji kaɗan, kuma na tuna shi ne na ƙarshe da na cika, toka ta kusa ƙarewa. Ƙanena ya samo mini takardar. Buhun farin ya nuna tsakanin 8 da 9, mai lafiyar kusan 7, ruwan burtsatse 7 da ɗan ɗoriya, ruwan ɗaurayar wanki kuwa ya haura 9.

Ɗan Fadama: Ki tsinto tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa ki binne a buhun, ga ƙarfe kyauta.

Malam Sabi'u: Tsatsa ita ce ainihin yanayin ƙarfen da ba ya narkewa, Ɗan Fadama, irinta ce cike a buhun nan. Hajiya, madalla da kika auna biyu, kwatancen ya fi lambar kanta amfani, don takarda takan yi kuskuren rabin lamba. Yanzu a daina toka, a daina ruwan wanki, a daina taki na ɗan lokaci. Ki tabbatar buhunan suna da huji a ƙasa, ki kwarara musu ruwa mai kyau har ya riƙa fita ta gindi, wannan zai rage gishirin taki da ɓangaren tokar da ke narkewa.

Sai ki tabbatar da zargin ƙarfen a jikin ganye. Ki nemi `ferrous sulphate` a shagon kayan gona, ki narka giram 2 zuwa 3 a lita ɗaya, ki fesa da yamma a rabin shukokin da suka yi fari, ki bar rabi. In ƙarfe ne, cikin mako guda za ki ga kore yana dawowa, sau da yawa ɗigo-ɗigo a daidai inda ruwan ya sauka. Kada ki fesa da rana tsaka, kada ki ƙara ƙarfinsa, yana ƙona ganye. Kuma feshin ba ya bin sabon tohon da zai fito daga baya, sai an maimaita. Kada ki zuba shi a ƙasar, zai ƙulle kamar na farko. In ta ƙasa za a bayar, sai wanda aka rubuta `Fe-EDDHA` a jikinsa, shi ne yake jure ƙasa irin taki. Mai `EDTA` ya fi araha amma yakan saki ƙarfen in an haura 6.5.

Abba Mai Kaji: Na ji ana cewa farar wuta tana saukar da lambar ƙasa. Ba sai ta barbaɗa ba a huta?

Malam Sabi'u: Tana saukarwa, amma ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne suke juya ta ta zama tsami, aikin watanni ne, tumatirin ya gama zamaninsa kafin nan. Kuma ƙasar da take kumfa da binega sai tsamin ya gama cinye ragowar tokar kafin lamba ta motsa. A buhu, ni ba zan wahalar da kaina ba. Waɗanda suka yi fari fat, a juye su, a haɗa kaso ɗaya na tsohuwar ƙasa da kaso uku na sabuwa marar toka da ruɓaɓɓen taki, a auna, a dasa sabo. Masu dama-dama a riƙe su da feshi su kai ga 'ya'ya. In kin juye, ki duba saiwar. In ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, tsutsar saiwa ce, wannan ƙasar kada ki maimaita ta ko kaɗan. In ta yi baƙi tana wari, ruwa ne yake kwanciya, shi ma yana hana shan ƙarfe ko da lambar ƙasa daidai take.

Baba Na Lambu: Ni ban yarda da juyewa ba. Tumatir mai fure a tumɓuke shi? Ta kwashe ƙasar saman dai, ta cika da takin shanu da ya ruɓe, ta yi haƙuri. Na ga shuka ta farfaɗo daga abin da ya fi wannan.

Malam Sabi'u: Kwashe saman zai taimaka, Baba, tunda can barbaɗen yake. Amma kwanon farko yana gauraye har gindi. Buhu uku ne suka yi fari, ko Hajiya za ta bi taka a ɗaya, ta bi tawa a biyu, ta kawo mana labari?

Maman Iklima: Haka zan yi in sha Allahu, na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya: attaruhu biyu ganyensu ya nannaɗe sama ya ƙanƙance, ga wasu fararen ƙwari ƙanana da suke tashi in na girgiza. Su ma tokar ce?

Malam Sabi'u: Wannan daban ne. Farin ƙuda ke nan, kuma yana ɗauke da cutar nannaɗe ganye wadda ba taki ba feshin ƙarfe da zai warkar. Turo hoton saman shukar da bayan ganyen, kusa-kusa, kafin in ce ki cire su.

Hajiya Turai: Na gwada zoɓon. Da ruwan toka ya koma kore-kore nan take, da ƙasar lambuna bai motsa ba. Maman Iklima, in takardar taki ta ragu ki ajiye mini guda biyu.